Yadda ake aiki da ƙa'idar fafendikula aksis a kan faranti, da yadda za ka gane inda ba ta ci

Na daɗe ina yi wa ɗaliban ajin farko na jami'a da na foli lesin ɗin fiziks a nan Jos, kuma duk shekara in an zo kan wannan ƙa'idar abu ɗaya nake gani: yaro ya haddace Iz = Ix + Iy tsaf, ya zuba ta a kan faifai ya ci, gobe a ba shi gwangwani ko ƙwallo ya sake zuba ta ya faɗi, kuma bai san me ya kada shi ba. Shi ya sa na daina farawa da allo. Yanzu katako nake sa su yanka, mu rataye shi, mu auna da hannunmu, sannan mu lalata shi da gangan mu ga ƙa'idar ta ƙi. Abin da zan nuna maka ke nan, ɗan uwa, daga farko har ƙarshe.

Kalma biyu kawai nake so ka riƙe kafin mu fara. Aksis shi ne layin da abu ke juyawa a kansa, kamar ƙarfen da ke tsakiyar tayar keke. Momen ɗin inashiya, wanda ake rubutawa da I, shi ne taurin kan abu wajen juyawa a kan wannan layin. Ba nauyi kaɗai ke kawo shi ba, har da nisan nauyin daga layin, kuma nisan sau biyu ake ninka shi, wato kowane ɗan guntu na abin yana ba da nauyinsa sau nisa sau nisa. Ana auna shi da kg m².

Kayan da za ka tanada

Filawud guda biyu, kowanne santimita 40 a tsawo, 30 a faɗi, kaurin milimita 9 ko kusa da haka. In ka shiga kasuwar Katako wajen kafintoci za ka samu ragowar yanka, ba sai ka sayi falle guda ba, amma ka roƙi kafintan ya daidaita maka kusurwa da sukwaya ɗinsa, kuma ka ɗora katakon a kan tebur ka duba bai lanƙwashe ba. Wanda ruwa ya taɓa ya kumbura ka bar musu kayansu. Ɗaya shi ne farantin da za mu auna, ɗayan kuma shi ne rufin da za mu rataya a jikinsa.

Sai zare mara miƙewa wajen mita shida, irin na masu gyaran takalmi ya fi, tef na awo, fensir da rula, abin huda ko ƙusa da guduma, sikeli, da agogon ƙirga sakan na wayarka. Na ƙarshe rodi ne mai bakin noti, kaurin milimita 10, tsawon santimita 30, da noti biyu. Wannan sai can gaba za mu taɓa shi.

In ba filawud, kwali mai kauri na katon zai yi amma iska na wasa da shi sosai. In ba sikeli kada ka fasa, akwai hanya a mataki na 5.

1. Zana aksis uku a kan farantin

Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, inda suka haɗu nan ne tsakiya. Daga nan ja layi ɗaya da ya bi tsawon katakon ta tsakiyar, ka rubuta x a kansa. Ja wani da ya bi faɗi, ka rubuta y. Na ukun ba ya zanuwa, domin shi tsaye yake, in ka kafa fensir a tsakiyar ya kalli sama to shi ne z.

Tsaya nan ka kalli abin da ke gabanka, don sharuɗɗan ƙa'idar duka suna nan. x da y suna kwance a jikin farantin. Sun gicciye juna a digiri 90. z ya ratsa daidai ta inda suka haɗu kuma yana tsaye a kan farantin. Farantin kuma shimfiɗaɗɗe ne siriri, abin da littattafai ke kira lamina. In waɗannan sun cika:

Iz = Ix + Iy

Dalilin ba shi da tsawo. Ɗauki ɗan ɗigo ɗaya a kan katakon. Nisansa daga layin x shi ne y, nisansa daga layin y shi ne x, nisansa daga fensirin kuma r ne, kuma Faitagoras ya ce r² = x² + y². Ninka kowane ɓangare da nauyin ɗigon, tara na duk ɗigogin da ke katakon, ƙa'idar ta fito. Amma ka lura da abin da muka yi shiru a kansa: mun ɗauka ɗigon ba shi da tudu, wato yana zaune daidai a kan shimfiɗar da x da y suke. Duk matsalar da za ka gamu da ita nan gaba daga wannan zaton take fitowa.

2. Lissafa amsar a takarda kafin ka auna

Ɗora katakon a sikeli. Nawa kilo 0.6 ne, da shi zan yi misali, kai sai ka sa naka. Mayar da santimita zuwa mita tun yanzu, tsawo a = 0.4, faɗi b = 0.3.

Ix = Mb²/12 = 0.6 × 0.09 / 12 = 0.0045
Iy = Ma²/12 = 0.6 × 0.16 / 12 = 0.0080
Iz = 0.0045 + 0.0080 = 0.0125 kg m²

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne musanya a da b. Yara sukan ce ai x ya bi tsawo don haka tsawo zan sa a Ix. A'a. Ka tambayi kanka ina nauyin ya bazu daga layin. In katakon na juyawa a kan x, gefen da ke nesa da layin faɗi ne ya kai shi can, don haka b ne ke shiga. Ɓangaren da ya gicciye aksis shi ake ɗauka, ba wanda ya bi shi ba. In ka musanya, jimillar za ta fito daidai ta rufe maka asiri, amma ranar da aka tambaye ka Ix shi kaɗai ka faɗi.

3. Huda ramuka ka haɗa wurin rataya

Ɗora katako biyun a kan juna ka huda su tare, domin ramukan sama da na ƙasa su zo daidai, zaren ya sauko a miƙe. Ramuka huɗu ne, ɗaya kusa da kowace kusurwa, santimita 4 daga gajeren gefe, santimita 3 daga dogon gefe. Ban zaɓi lambobin nan haka kawai ba. Da su kowane rami zai zama santimita 16 daga layin y, 12 daga layin x, 20 cif daga tsakiya, saboda 12 da 16 da 20 suna cika Faitagoras ba ragowa.

Katakon rufi ka gitta shi a kan wani abu mai tsayi, kamar tsakanin durom biyu da aka ɗora wa benci ko tsakanin kabad biyu, ka danne shi da bulo kada ya motsa. Tsawon zare daga rufi zuwa inda ya kama faranti mita 1 nake so. Ka auna kowane zare daban bayan ka rataya, ba kafin ba, saboda ƙulli na cin zare.

Ka yi aikin a cikin ɗaki ka rufe taga da fanka. Wanda ya san iskar Jos lokacin hunturu ya san abin da nake nufi, a waje farantin ba zai taɓa tsayawa cik ba balle ka ƙirga masa wani abu.

4. Auna sau uku

Rataya ta farko, gajeren gefe a sama, zare biyu a ramukan da ke gefen. Katakon na tsaye kamar allo, layin x ne ya kalli sama. Nisan kowane zare daga aksis 0.12 ne, wannan nisan za mu kira shi s. Kama gefe biyu da yatsu, murɗa kaɗan kamar digiri 10, saki a hankali. Abin da kake so shi ne katakon ya riƙa waiwaye dama da hagu a kan layin tsakiya, tsakiyar ba ta zuwa ko'ina. In ka ga yana lilo gaba da baya gaba ɗayansa, tsayar da shi ka sake, wannan motsin wani abu ne daban kuma lokacinsa daban.

Ƙirga zuwa da dawowa 20. Zuwa da dawowa shi ne ɗaya, ba biyu ba. Kuma lokacin da ka danna agogo ka ce sifili, kada ka ce ɗaya, in ba haka ba 19 ka ƙirga kana zaton 20 ne, wannan kaɗai ya isa ya ɓata maka amsa da kusan kashi 10 cikin 100. Yi sau uku ka ɗauki matsakaici, raba da 20, ka samu T. In motsin na mutuwa kafin 20 saboda katakon na ture iska, ƙirga 10 ka raba da 10.

Rataya ta biyu, dogon gefe a sama, layin y ne a tsaye, s = 0.16. Ta uku, katakon a kwance kamar tire, zare huɗu, s = 0.20, wannan shi ne z. Kada ka gwada rataye shi a kwance da zare biyu, kifewa zai yi. A ta ukun sai ka yi haƙuri wajen daidaita zaren, in ɗaya ya saki ka ja shi har huɗun su ɗauki kaya, ɗora ɗan ƙaramin ƙwallo ko kofin ruwa ka ga ko ya karkata, sannan ka sauke kafin ka auna.

Fomula ɗaya ce ga duka ukun, L tsawon zare, g kuma 9.8:

I = M g s² T² / (4π² L)

5. Kwatanta

Ga irin abin da ke fitowa. A ce 20 ɗin farko sun ci sakan 29.4, na biyu 29.3, na uku 28.9. T ya zama 1.47 da 1.465 da 1.445. Zuba su a fomula, Ix ya fito wajen 0.0046, Iy wajen 0.0082, Iz wajen 0.0124. Tara biyun farko, 0.0128. Tsakaninsa da 0.0124 bambancin kashi 3 cikin 100 ne, kuma a awon gida da zare da waya wannan ya yi. Dalili kuwa T sau biyu yake shiga, in yatsanka ya makara da sakan 0.3 cikin 29, kashi 1 ke nan a T, kashi 2 a I. Ƙari kuma idan katakon na tsaye yana tura iska da faɗinsa, sai ya ɗan yi nawa, shi ya sa Ix da Iy suka fi son fitowa sama da na takarda kaɗan. In bambancinka ya wuce kashi 6 ko 7, kada ka zargi ƙa'idar tukuna, koma ka auna zarenka da nisan ramuka.

Za ka lura lokutan uku sun kusa zama ɗaya, wajen sakan 29. Wannan daga inda muka sa ramukan ne, ba doka ba ce, in ka matsar da su lokutan za su rabu amma jimillar I tana nan.

Wanda ba shi da sikeli: M da g da L iri ɗaya ne a awo ukun, don haka suna fita. Lissafa s² × T² na kowanne kawai. Na x da na y in an tara su ya kamata su ba ka na z. Sharaɗin dai tsawon zaren ya zama ɗaya a duk rataya ukun.

6. Yanzu ka karya ta

Wannan matakin ne na fi so, kuma shi ne wanda in ɗalibi ya yi da hannunsa ba ya sake mantawa. Huda rami a tsakiyar farantin, zura rodin nan har rabinsa ya fito kowane ɓari, ɗaure da noti sama da ƙasa. Rodin da notinsa wajen kilo 0.2 ne, jimillar nauyi ta koma 0.8, kar ka manta ka canja M a fomula. Sake awo ukun.

Me zai faru? Rodin yana kwance a kan z ɗin kansa, duk nauyinsa na manne da layin, don haka Iz kusan bai san an ƙara komai ba, yana nan wajen 0.0125. Amma in katakon ya juya a kan x ko y, rodin ne ke shawagi da hannuwansa biyu, kowane aksis ya samu ƙarin ml²/12, wato 0.2 × 0.09 / 12 = 0.0015. Ix ya zama 0.0060, Iy ya zama 0.0095, jimilla 0.0155. Iz kuma 0.0125. Ratar 0.0030 ce, kusan kashi 24 cikin 100, ba yadda za a yi ka ce makarar yatsa ce. A agogo ma za ka gani, ratayar kwance da ke cin sakan 29 za ta sauko wajen 25, saboda nauyi ya ƙaru amma taurin juyin bai ƙaru ba.

Toh ga abin da ya faru a lissafi. Idan ɗigo yana da tudu z, nisansa daga layin x ba y kaɗai ba ne, sukwayarsa y² + z² ce, daga layin y kuma x² + z². In ka tara sai z² ya shigo sau biyu. Cikakkiyar maganar da ke aiki a kan kowane irin abu ita ce:

Ix + Iy = Iz + 2Σmz²

Ƙa'idar fafendikula aksis wannan ce, a ranar da wutsiyar ƙarshen ta zama sifili ko ta ƙanƙance har ba a damu da ita ba. Kuma tunda wutsiyar ba ta taɓa zama ƙasa da sifili, kuskuren hanya ɗaya yake bi: Ix + Iy kullum ko dai daidai da Iz ko sama da shi. In ka ga Iz ɗinka ya fi jimillar biyun girma sosai, ba abin ne ya ƙi ƙa'ida ba, kai ne ka yi kuskure a wani wuri.

7. Siriri har ina? Yadda za ka yanke hukunci da lamba

Ba wani faranti a duniya da ba shi da kauri, don haka tambayar ita ce nawa za ka yafe. Ga abu mai kauri ɗaya h ko'ina, aksis a tsakiyar kaurin, ƙarin da ke shiga Ix da kuma Iy shi ne Mh²/12 kowanne. A filawud ɗinmu h = 0.009, ƙarin ya zama wajen 0.000004, a gefen 0.0045 bai kai kashi ɗaya cikin 1000 ba. Shi ya sa awonmu bai gan shi ba.

Ga faifai mai radiyos R, rabon kuskuren a kan aksis ɗin da ya ratsa shi a kwance shi ne h²/(3R²). In kaurin kashi ɗaya cikin goma na radiyos ne, kuskuren 1 cikin 300 ne, wuce abinka. In kaurin ya kai rabin radiyos, ya zama 1 cikin 12, wajen kashi 8 cikin 100, nan ka fara taka tsantsan. In ya kai radiyos guda, sulusi ne cur, ƙa'idar ta tashi daga aiki.

Bari mu yi ɗaya cikakke. Dunƙulen alminiyo mai siffar gwangwani, radiyos santimita 5, tsayi santimita 10, nauyi a ce kilo 2. A kan aksis ɗin da ya bi tsayinsa, Iz = ½MR² = 0.0025. Ɗalibi mai sauri zai ce a raba biyu, Ix = 0.00125. Gaskiyar amsa sai an ƙara Mh²/12, wato 2 × 0.01 / 12, wajen 0.00167, jimilla 0.00292. Ya ninka amsar mai saurin fiye da sau biyu, har ya wuce Iz ɗin kansa. Ka lura Iz bai damu da tsayi ba, ½MR² ne ko faifai ko gwangwani, waɗanda ke lalacewa su ne Ix da Iy.

Ƙwallo dunƙulalle kuwa ba sai ka yi lissafi ba. Ta ko'ina ka juya shi iri ɗaya ne, Ix da Iy da Iz duk (2/5)MR² ne. In ƙa'idar ta yi aiki a kansa to abu ya zama ninki biyu na kansa ke nan. Haka kiyub, kowanne Ma²/6.

8. Tarkon da ya fi kama masu ƙoƙari: siriri amma ba a shimfiɗe ba

Wannan sai na ja kunnenka sosai. Mutum ya ji an ce siriri, sai ya ga ƙwarya, ko kaskon suya, ko dish ɗin satalayit, ko bututun ruwa, ya ce ai bangonsu siriri ne. Ƙa'idar ba ruwanta da kaurin bango. Abin da take tambaya shi ne: duk nauyin abin yana kwance a shimfiɗa ɗaya? Kifa abin a kan tebur ka sunkuya ka kalle shi ta gefe. In abin da ka gani layi ne, bismilla. In ka ga tudu ko zurfi, wannan tudun shi ne z ɗinka, ba kaurin ƙarfen ba.

Zobe da bututu misali ne mai kyau. Zoben waya siriri yana da Iz = MR², a kan dayamita kuma ½MR², ƙa'ida ta ci. Ja zoben nan ya yi tsawo ya zama bututu, Iz na nan MR², amma ɗayan ya koma ½MR² + Mh²/12. Kwanon rufi mai tudu da kwari shi kuma yana tsakiya, ba kaurin kwanon za ka duba ba, zurfin kwarin za ka gwada da faɗin fallen, in fallen babba ne kuskuren kaɗan ne, in ɗan guntu ka yanko to ya girma. Farantin da aka lanƙwasa ya zama kamar harafin L shi kam ya fita gaba ɗaya, sai dai ka raba shi gida biyu, ka yi wa kowane ɓari lissafinsa a shimfiɗarsa, sannan ka kawo su aksis ɗaya.

9. Kurakuran aksis, ko da farantin lafiyarsa ƙalau

Na farko, juya ƙa'idar. Wanda ke tsaye a kan faranti shi ne kullum jimilla. Ba a cewa Ix = Iy + Iz don kawai su ma sun gicciye juna. A katakonmu hakan zai ce 0.0045 daidai yake da 0.0205.

Na biyu, aksis ɗin da ba su haɗu a wuri ɗaya ba. A ce ana son I na faifai a kan layin da ke tsaye a bakinsa, kai kuma Ix da Iy na tsakiya gare ka. Ba za ka tara su ka miƙa ba. Ko dai ka samo Iz na tsakiya, ½MR², ka matsar da shi baki da ƙa'idar faralel aksis, I = Icm + Md², inda Icm shi ne na tsakiya, d kuma nisan da ka matsar, a nan R, ya zama (3/2)MR², ko kuma ka kai x da y bakin tukuna: wanda ya ratsa ta tsakiya ¼MR², wanda ya shafi bakin a kwance (5/4)MR², tara su, (3/2)MR² ɗin dai. Ina sa ɗalibai su bi hanya biyun duka, in amsa ta zo ɗaya sun san ba su ɓata ba.

Na uku, raba Iz biyu ba tare da dubawa ba. Rabawar tana halatta ne idan Ix da Iy daidai suke, kamar faifai da zobe da faranti mai gefe huɗu daidai. A katakonmu rabin 0.0125 shi ne 0.00625, ba Ix ba ne ba Iy ba ne. A faranti mai gefe huɗu daidai kuwa akwai kyauta: layukan kusurwa zuwa kusurwa su ma sun gicciye a digiri 90 kuma daidai suke da juna, don haka I a kan kowannensu rabin Ma²/6 ne, wato Ma²/12, ba tare da ka yi intagireshan ko layi ɗaya ba. Amma kar ka kai wannan kan katakonmu, nasa layukan kusurwar ba su haɗu a digiri 90 ba.

Akwai kuma abubuwan da yara ke tsoro alhali ba su hana komai. Ba dole mahaɗar ta zama tsakiyar nauyi ba, ko'ina a shimfiɗar ya yi, ko da a cikin rami ne ko a wajen farantin. Ba dole farantin ya zama mai kyan siffa ba, kuma ba dole nauyinsa ya bazu daidai ba. In kana shakka manna washa na ƙarfe guda biyu a kwance a kan katakonka, ɗaya a kowane ɓari na tsakiya da nisa ɗaya don kada ya karkata, ka sake awo. Ix da Iy da Iz duk za su canja, jimillar ta ci gaba da cika, domin nauyin da ka ƙara a kwance yake, ba kamar rodin ba.

10. Ga 'yan injiniya

In ka shiga kwas ɗin ƙarfin kayan gini za ka ga an rubuta J = Ix + Iy a kan shaft mai tsawon mita biyu, sai ka ce to ina sirantakar? Ba saɓani ba ne. A can ba nauyin shaft ake lissafawa ba, fuskar yankansa ce, in ka datse shi ka kalli bakin. Fuska kuwa ba ta da kauri ko kaɗan, don haka ƙa'idar na cika cif. Shi ya sa shaft mai dayamita d ke da I = πd⁴/64 da J = πd⁴/32. Hanyar ganewa ita ce ma'auni: in amsa na fitowa da m⁴ ko mm⁴, ta fuska ce, tara abinka. In da kg m² take fitowa, ta nauyi ce, sai ka koma ka kalli abin ta gefe, ka auna h, ka lissafa Mh²/12 ka ga ko ya isa a yafe kafin ka tara.